Wayoyi suna maƙalewa a Obtaining IP address, wai in sa musu Static?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ina da ɗan shagon kwamfuta a Samaru, ina sayar wa ɗalibai waifai. Da safe komai lafiya lau, amma da zarar an yi la'asar duk sabuwar wayar da ta zo sai ta tsaya a Obtaining IP address ta ƙi shiga, alhali data na nan. Wani mai gyaran waya ya ce in riƙa sa wa kowa Static da hannu, na yi kwana biyu ina yi, yanzu har kwamfutocin shagon suna yankewa. Wallahi kwastomomi sun fara guduwa, ko rautar ce ta mutu?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan uwa. Kwantar da hankalinka, rautarka da ranta, kar ka je ka sayi wata. Amma kafin ka gama karanta wannan amsar, duk wayar da ka sa wa Static ka mayar da ita DHCP, wato tsarin da rauta ke raba wa na'urori adireshi da kanta.

In waya ta shiga waifai ɗinka, kalmar sirri ƙofa kawai ta buɗe mata, ba ta da adireshin IP tukuna, ba ta ma san inda rauta take ba. Kamar ɗalibi ne ya sauka a Samaru yana neman ɗakin haya bai san kowa ba. To sai ta yi shela, wannan shi ne saƙon Discover. Tana turo shi daga 0.0.0.0 tunda ba ta da adireshi, zuwa 255.255.255.255 wato kowa da kowa ya ji, ta UDP daga kafa ta 68 zuwa ta 67, a ciki ta sa lambar MAC ɗinta, wato lambar da ake gane na'urar da ita a waifai, da wata lambar shaida ta wannan cinikin don in amsa ta zo ta gane tata ce. Rautarka ita ce mai gidan hayar. Sai ta duba jerin adiresoshin da aka ware mata, in akwai wanda ba kowa a ciki ta aiko da Offer, misali ga 192.168.0.123, subnet mask 255.255.255.0, hanyar fita 192.168.0.1, ga DNS, ga kuma tsawon lokacin haya.

Har yanzu fa wayar ba ta mallaki adireshin ba, tayi ne aka yi mata. Dole ta mayar da Request ta ce na karɓa, kuma shi ma shela take yi da shi, saboda in akwai wata na'ura mai raba adireshi da ita ma ta yi tayi ta ji an zaɓi wani ta janye nata. Daga nan rauta ta rubuta a littafinta cewa MAC kaza ta kama adireshi kaza zuwa ƙarfe kaza, ta turo ACK, wato tabbacin an ba ta. Yawancin na'urori suna ƙara tambaya da ARP ko akwai mai amfani da adireshin, in wani ya amsa sai su tura Decline a sake daga farko. In komai lafiya duk wannan abin kafin ka ƙifta ido an gama.

Taka matsalar tana tsakanin saƙo na farko da na biyu ne, kuma la'asar ɗin nan da ka ambata ita ta nuna min. A ce rautarka tana raba daga 192.168.0.100 zuwa 192.168.0.149, ɗakuna 50 ke nan, hayar kuma awa 24. Ɗalibi ya zo ƙarfe tara ya yi minti ashirin ya wuce lacca, wayarsa galibi ba ta sallama in za ta tafi, don haka a littafin rauta ɗakinsa na nan a kulle sai gobe ƙarfe tara. Kafin la'asar mutum 50 sun shigo sun fita, na 51 ya yi ta Discover ba mai amsa masa, alhali watakila mutum goma ne kawai zaune a shagon. Waya sai ta tsaya a rubutun nan da kake gani, kwamfuta mai Windows kuma in ta gaji sai ta ba kanta adireshi mai farawa da 169.254, in ka ga wannan lambar to galibi Offer ne bai zo ba.

Sai maganar Static, wadda wallahi ta ishe ni, kusan kullum sai na ci karo da ita daga PZ har Kongo, mutum ya iya canza gilashin waya shi ke nan ya zama masanin netwok. Abin da ya sa take yaudarar mutane shi ne tana aiki nan take, ka rubuta 192.168.0.120 da hannu waya ta hau, kwastoma ya yi murna, mai gyara ya karɓi kuɗinsa. Amma wayar nan ba ta yi Discover ba, ba ta yi Request ba, rauta ba ta rubuta ta a ko'ina ba. Ta haura katanga ne ta kwanta a ɗakin da ba a ba ta ba. In ɗakin na kwamfutar shagonka ne, yanzu na'ura biyu suna amsa adireshi ɗaya, rauta ta tambaya wa ke da 120, wannan ya ce ni ne wancan ma ya ce ni ne, saƙo ya je nan yanzu anjima ya je can. Shi ya sa kwamfutocinka da ba su da laifin komai suke yankewa suna dawowa, kuma irin wannan matsalar ita ce ta fi wahalar ganowa don ba ta tsayawa wuri ɗaya, sai ka ɗora wa kamfanin data laifi ko ka ce wuta ce ta taɓa rauta.

Za su ce maka ai rauta tana dubawa kafin ta ba da adireshi. Wasu suna yin ping tukuna, gaskiya ne, amma in mai Static ɗin ya fita sallah a lokacin ba wanda zai amsa, a ba wani ɗakin, shi kuma ya dawo ya faɗa kansa. Sannan saitin yana nan maƙale a wayar ɗalibin, duk ranar da ya dawo shagonka da shi zai dawo, ko ka manta ka taɓa sa masa. Ranar da ka canza rauta zuwa wata mai 192.168.1.1 kuwa duk wayoyin nan za su nuna sun haɗu amma ba intanet, kuma ba wanda zai tuna dalili. Mutum ya karɓi kuɗin bawan Allah ya dasa masa matsalar da za ta tashi bayan sati biyu, wannan akwai haƙƙi a ciki.

Gyaran bai kai minti biyar ba. Shiga shafin rauta, nemi DHCP, duba Client List za ka ga ya cika da wayoyin da ba sa shagon. Faɗaɗa jerin ya zama daga 192.168.0.20 zuwa 192.168.0.250, adireshi 231 ke nan, ka rage Lease Time, wato lokacin hayar, zuwa minti 120. Kar ka ji tsoron wai za a kori wanda ke zaune bayan awa biyu, a'a, in rabin lokacin ya wuce na'urar da kanta take tura Request kai tsaye ta sabunta hayar, wanda ya tafi ne kawai ɗakinsa zai dawo hannu. Firinta da kwamfutar da kake so adireshinsu kar ya canza, ka yi musu Address Reservation a cikin rauta da lambar MAC ɗinsu, haka suna cikin littafi kuma ba za a ba wani wurinsu ba.

A kwamfutocin shagon ka tabbatar suna kan Obtain an IP address automatically, sannan ka buɗe Command Prompt ka buga wannan:

```
ipconfig /release
ipconfig /renew
ipconfig /all
```

Duba layin DHCP Server, ya kamata ka ga adireshin rautarka. In ka ga wata lamba daban, to akwai wata rauta ko MiFi da aka jona a layinka tana rigan taka yin Offer, nemo ta ka kashe mata DHCP. Ɗaliban da ka riga ka sa wa Static kuma, duk wanda ya dawo ka ce ya danna Forget a kan waifai ɗin ya sake shiga.