Wane ƙamus zan saya, Kawu?

"Kawu, Mama ta ce a zamaninku kowane ɗalibi yana da littafin da yake kwafe jimlolin ƙamus. Mene ne amfanin haka? Kuma wane ƙamus zan saya don Turancina?"

Ɗiyata, mahaifiyarki ta faɗi gaskiya, nawa littafin ma yana nan cikin adaka, gara ta ci gefensa.

Ki nemi ƙamus da aka yi domin mai koyo, wato wanda Turanci ba harshen gidansu ba ne. Na Oxford shi muka tashi da shi. Wani malami A. S. Hornby, wanda ya koyar da Turanci a Japan, shi ya tsara shi, Oxford ta buga a 1948. Na Longman ya fito a 1978, kuma yana bayanin komai da kalmomi masu sauƙi kusan 2,000. Kowanne kika samu ya yi. Kafin ki biya kuɗi, ki buɗe wajen ƙaramar kalma irin *make*. In kin ga ma'ana layi biyu babu jimla, ajiye shi. Ki kuma duba lambobin shafi, don bugun jabu ya yi yawa a kasuwa. Na taɓa sayen wanda harafin S ya ɓace kusan rabi.

Dalilin kwafe jimla kuwa, ki ɗauki baƙon da ya koyi cewa "ci" abinci ake yi wa. Ranar da ya ji an ci kasuwa, an ci bashi, wane ya ci amana, ina zai sa kansa? Kalma da abokan tafiyarta take yawo, kuma a jimla kaɗai ake ganinsu.

Haka ya faru da ni da *discuss*. Na san ma'anarta sarai. To mu "a kan" magana muke tattaunawa, sai na rubuta *discuss about*, malaminmu ya zagaye da jan biro. Na koma ƙamus na karanta misalan ɗaya bayan ɗaya, sai na lura duk cikinsu abin da ake tattaunawa yana manne da kalmar, babu komai a tsakani: *we discussed the plan*. Daga ranar, in na kwafe jimla sai in ja layi ƙarƙashin abin da ya zo gaban kalmar da abin da ya biyo bayanta, sannan in sauya suna ɗaya kawai in yi tawa.

Ki kula da ƙananan haruffan da ke gefe. U na nufin ba a ƙirga abin, shi ya sa muna da "shawarwari" amma su ba su da *advices*.

Sai dai misali uku ba sa ƙare halin kalma. In ba ki ga abin da kike son faɗa ba, ki duba ɗaya ƙamus ɗin wajen ƙawarki kafin ki yanke cewa kuskure ne. In kin zo hutun Sallah ki tuna mini in buɗe adakar.