Ɓoye suna bai isa ba

"Na goge sunaye da lambobin waya daga rahoton da tsarinmu ke fitarwa kowace Litinin, ragowar kuma na dunƙule su jimilla. Shi ke nan bayanan kwastomomi sun tsira?"

Malam, da sauran aiki, kuma a dunƙulewar matsalar take. Duba layukan da adadinsu ya yi ƙasa. Idan rahoton ya ce a unguwa kaza mata masu shekara 60 zuwa 69 da suka kasa biyan bashi mutum ɗaya ce, to duk ma'aikacin da ya san unguwar ya gane ta, ko ba suna. Asirinta ya tonu ke nan, kuma wannan ne ya fi damuna.

Ka sa ƙa'ida a cikin tambayar SQL ɗin da ke haɗa rahoton, kada layi ya fito sai ya kai mutum 10:

```
GROUP BY unguwa, rukuni
HAVING COUNT(DISTINCT kwastoma_id) >= 10
```

Ka lura, mutane ake ƙirgawa, domin mutum ɗaya na iya yin ciniki goma.

Sai tarkon jimilla. Idan ta nuna 143, layukan da suka bayyana kuma suka tashi 140, kowa zai yi ragi ya gano ukun da ka ɓoye. Ka haɗe ƙaramin layin da na kusa da shi, ko ka faɗaɗa rukunin shekaru zuwa 50 da sama.