Zanen haske da zafin taurari: ina Rana ta faɗa?

Tambaya: "Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah wannan zanen Hertzsprung da Russell ya ruɗe ni. Rana ce ta fi komai haske a sama, amma an sa ta can tsakiya. Kuma ta yaya tauraro mai ƙarancin zafi zai fi ta haske?"

Wa'alaikumus salam, ƙanena. Na jima ina koyar da wannan darasi a nan Gusau, kuma kusan duk aji a nan yara suke tuntuɓe.

Fara duba layin ƙasa. Lambobinsa a juye suke: zafi mai yawa yana hagu, yana raguwa zuwa dama. Zafin fatar tauraro ake nufi, ba na cikinsa ba, kuma launi ne ke tona shi. Ni nakan tura ɗalibai maƙera su tsaya su kalli ƙarfe a wuta. Da fari ya yi ja, in an ci gaba da zuga ya koma ruwan ɗorawa, sannan ya yi fari. Haka taurari suke: jajaye a dama, wajen 3,000 K a ma'aunin zafi na Kelvin, masu shuɗi-shuɗi a hagu, wasu sun haura 20,000 K.

Layin tsaye kuwa ba hasken da idonka ke gani yake aunawa ba, ainihin hasken da tauraro ke fitarwa ne. Fitilar babur da ke gabanka ta fi kashe ido a kan ta tirelar da ke can nesa a hanyar Talatar Mafara, amma kowa ya san wadda ta fi ƙarfi. Hasken Rana yakan iso mu cikin minti 8 da ɗoriya, na tauraron Sirius kuwa sai ya yi shekara 8.6 a hanya, alhali Sirius ya ninka ta haske kusan sau 25. Da Rana ake awon, don haka ita ce 1. Kuma matakan ninki ne: 1, 10, 100, 1,000. Taku ɗaya sama, haske ya ninka goma.

Yanzu ɗora yatsa a kan 5,800 K a ƙasa, ka hau sama har ka yi daidai da 1. Nan Rana take, cikin doguwar zirin nan da ta gangaro daga saman hagu zuwa ƙasan dama, wadda aka rubuta wa Main Sequence. Duk tauraron da ke mayar da haidirojin zuwa hiliyam a tsakiyarsa nan yake zaune.

Sai ɗaya tambayar taka, wadda ita ce zuciyar zanen. Haske ya dogara ne kan abu biyu, zafi da girman jiki. In aka auna komai da na Rana, L ne haske, R faɗin tauraro, T kuma zafin fatarsa:

```
L = R² × T⁴
```

Ɗauki Betelgeuse, jan tauraron nan da ake gani sarai da daddare lokacin hunturu. Zafinsa kamar 3,600 K ne. Raba da 5,800, ka samu 0.62. Ninka wannan da kansa har sau huɗu, ya ba ka kusan 0.15. Wato kowane taku na fatarsa kusan kashi ɗaya cikin bakwai na hasken fatar Rana yake bayarwa. Duk da haka jimillar haskensa ta kai wajen ninki 100,000 na Rana. Raba 100,000 da 0.15, ka samu kusan 670,000, tushensa kuma ya ɗan haura 800. Ke nan faɗinsa ya ninka na Rana kusan sau 800. Garwashi ɗaya jajir ba ya haska tsakar gida, amma in daji ya kama da wuta, daga gari na gaba ake hango shi. Wallahi duk ranar da muka yi wannan lissafi a allo, ajin kan yi tsit.

Irin su Betelgeuse a saman dama suke, ƙasan hagu kuwa akasin haka ne. Abokin Sirius, wato Sirius B, ya kai wajen 25,000 K, amma girmansa bai wuce na duniyarmu ba, shi ya sa haskensa ya gaza na Rana nesa ba kusa ba.

Akwai kuskuren da nake yawan gani a takardun jarrabawa: yaro ya ɗauka zirin nan hanya ce, wai tauraro yana farawa daga sama ya gangaro har ƙasa. A'a. Nauyin da aka haife shi da shi ne ke ba shi mazauni. Masu nauyi suna sama, su cinye makamashinsu da wuri, marasa nauyi suna ƙasa suna lallaɓawa. Rana ta yi shekara kusan biliyan 4.6, kuma da sauran kamar biliyan 5 kafin haidirojin na tsakiyarta ya ƙare. Sa'an nan za ta kumbura, fatarta ta huce, ta bar zirin ta nufi saman dama.

Kada "tsakiya" ta sa ka raina ta. Kusan uku cikin huɗu na taurarin da ke kewayenmu ƙananan jajaye ne da ke cunkushe a ƙasan dama. Proxima Centauri, wanda ya fi kowane tauraro kusa da mu bayan Rana, yana cikinsu, kuma ko a daren da babu wata, ido ba ya ganinsa sai da madubin hangen nesa.