Shawarar Lauya: Albashina Dubu 250 Ne, Amma 171,244 Ke Shiga Asusuna

Tambaya: Barista, ni ma'aikacin sito ne a wani kamfanin rarraba kaya a Kano. Takardar ɗaukata aiki ta ce albashina naira 250,000 ne a wata, amma a watan jiya 171,244 ne suka shigo. Ga hoton takardar albashin nan na turo. Shin cutata ake yi?

Amsa: Malam, na duba takardar. Yawancin abin da aka cire maka doka ce ta ce a cire, amma akwai layi ɗaya da ban yarda da shi ba, akwai kuma biyu da za ka iya ragewa. Ka ajiye takardar ɗaukarka aiki kusa da kai, domin da ita ake auna komai, sai mu bi takardar albashin daga sama.

Inda aka rubuta Gross Pay, shi ne jimillar albashinka kafin a taɓa ko kwabo, kuma ya yi daidai da 250,000 ɗin da aka yi maka alkawari. An kasa shi huɗu: ainihin albashi, wato Basic, 125,000, kuɗin gida 50,000, kuɗin mota 25,000, sauran alawus 50,000. Mutane kan tsallake wannan rabon, alhali a kansa ake lissafin fansho.

Dokar fansho ta 2014 ta ce ma'aikaci ya ba da kashi 8 cikin ɗari, mai aiki ya ƙara kashi 10, kuma abin da ake lissafawa a kai kada ya gaza ainihin albashi haɗe da kuɗin gida da na mota. A wajenka ukun nan sun tashi 200,000, kashi 8 ɗinsu kuwa 16,000 ne, daidai da abin da ke takardarka. Kamfani zai ɗora 20,000 daga aljihunsa, ba daga naka ba. Ke nan duk wata 36,000 ya kamata su shiga asusunka na fansho, cikin kwanakin aiki bakwai bayan biyan albashi. A nan ake yawan yin ɓarna: a cire a takarda, a ƙi turawa. Takardar albashi ba za ta nuna maka haka ba. Ka nemi bayanin asusunka daga kamfanin da ke riƙe maka fansho, ka gwada wata da wata. In ka ga giɓi, ka rubuta wa hukumar kula da fansho ta ƙasa, wato PenCom, domin doka ta ɗora wa mai aikin da ya yi jinkiri tarar da ba ta gaza kashi 2 na kuɗin ba a kowane wata.

Layin NHF na asusun gidaje na ƙasa ne, an cire maka 3,125, wato kashi biyu da rabi na ainihin albashi. Tun gyaran dokar 2023, ma'aikacin kamfani mai zaman kansa ba dole ba ne ya shiga. In kana da niyyar neman rancen gida ta Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya, ka bar shi, ka kuma tabbatar kana da lambar rajista. In ba ka da wannan niyya, ka rubuta a daina.

Sai haraji, layin PAYE, 24,631. Sabuwar dokar haraji ta 2025, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026, da shekara take lissafi, sannan a raba gida 12. Albashinka na shekara miliyan 3 ne. Za a fara zare fansho 192,000 da kuɗin asusun gidaje 37,500, saura 2,770,500. Dubu 800 na farko babu haraji a kansu. Miliyan 2.2 da ke biye kashi 15 ake karɓa, kuma duk ragowar naka, 1,970,500, a cikin wannan mataki ya faɗo. Kashi 15 ɗinsa 295,575 ne a shekara, wato 24,631 a wata. Akantan kamfaninku bai yi kuskure ba.

Sai dai akwai rangwamen da ba a saka maka ba. Dokar ta yarda mai zaman haya ya zare kashi 20 na kuɗin hayarsa na shekara, iyaka 500,000, kafin a yi masa haraji. A ce hayarka 400,000 ce, za a zare 80,000, harajinka ya sauka da naira 1,000 a wata. Ba za a yi maka wannan a kan zato ba, sai ka kai rasit ko yarjejeniyar haya ofishin albashi. Shi kuma harajin, hukumar tattara kuɗin shiga ta jihar da kake zaune ake biya wa, don haka ranar da ka nemi takardar shaidar biyan haraji za ka gane ko ana kai shi.

Dubu 20 na bashin ƙungiyar adashen ma'aikata babu magana a kansu, muddin kai ka sa hannu. Ka dai riƙe lissafin watan da zai ƙare, don akan manta a tsayar.

Layin da na tsaya a kai shi ne 15,000 da aka rubuta wa Shortage, wato giɓin kaya. Sashe na 5 na Dokar Ƙwadago ya hana mai aiki cin ma'aikaci tara daga albashinsa. Ya buɗe ƙofa ɗaya kawai: in ma'aikaci ya jawo asara da gangan ko ta hanyar sakaci, ana iya cire abin da ya dace, amma sai an fara samun amincewar jami'in ƙwadago a rubuce. Manaja ya ƙirga katan ya ga biyu sun ɓace, ya raba kuɗin a kan 'yan sito, wannan bai cika sharaɗin ba. Sashen ya kuma ce duk abin da za a cire a wata ɗaya kada ya haura kashi ɗaya bisa uku na albashi. Naka ya kai 78,756, iyakar kuwa 83,333 ce, saboda haka ta wannan fuskar ba su ƙetare ba. Wani abin lura shi ne, wannan doka ma'aikatan ƙarfi da na aikin rubuce-rubucen ofis take karewa, ban da manajoji da ƙwararru, waɗanda yarjejeniyar aikinsu ce madogararsu. A ganina ma'aikacin sito irinka yana ciki.

Ka fara da wasiƙa zuwa ga shugaban sashen ma'aikata, cikin ladabi, ka nemi a nuna maka bayanin asarar da takardar amincewar jami'in ƙwadago, ko kuma a mayar maka da kuɗinka a albashi mai zuwa. Ka sa a buga maka hatimin karɓa a kwafinka. Kada ka sa hannu a wata takardar amsa laifi da za a kawo maka daga baya. In mako biyu suka wuce shiru, ka kai ƙorafi ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke Kano, ko ta hannun ƙungiyarku in kuna da ita. Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke da hurumin irin wannan shari'a, amma gaskiya ba zan ce ka shiga kotu a kan 15,000 na wata ɗaya ba, kuɗin zirga-zirga ma ya fi haka. In abin ya zama na kowane wata, ko ya shafi ku da yawa, ku tattara takardun albashinku da bayanan banki na watannin, ku shigar da ƙara tare.