Hukuncin aika wa mahaifi saƙon taya murnar cika shekara 70

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a ƙasar waje tare da maigidana, shekara huɗu ke nan rabona da gida. A wata mai kamawa mahaifina zai cika shekara 70, ina so in aika masa saƙo na taya murna da addu'a. Yayana ya ce kada in kuskura, wai bidi'a ce kuma koyi ne da waɗanda nake zaune a cikinsu. Baba bai taɓa yin bikin ranar haihuwa ba, amma shi da bakinsa ya ce mini a waya, "bana zan cika saba'in, Alhamdulillahi." Ya halatta in aika?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ki aika, 'yata, babu laifi in sha Allahu, matuƙar saƙon ya tsaya a kan godiya ga Allah da addu'a.

Abin da na riƙe a tambayarki shi ne jumlar ƙarshe. Mahaifinki ne ya fara ambatar shekarun, ya kuma haɗa da hamdala. Mutum ne da ya ga ni'ima ya faɗa wa 'yarsa, ke kuma amsa masa za ki yi. Da a ce kin san shi yana ƙyamar duk abin da ya shafi ranar haihuwa, da amsata ta canza: sai in ce ki bar ranar ta wuce, ki yi masa addu'ar a wata rana ba tare da ambaton haihuwa ba. Saƙon da aka yi don faranta ran uba, in ya koma ɓata masa rai, ya rasa dalilinsa. Wajabcin kyautata wa iyaye ba ya buƙatar in kawo miki hujja.

Yanzu maganar yayanki. Ba daga kansa ya ƙirƙiro ta ba, kada ki raina shi. Manyan malamai irin su Shaikh Ibn Baz da Shaikh Ibn Usaimin sun hana bikin ranar haihuwa, wasu kuma, kamar hukumar fatawa ta Masar, sun halatta shi in babu saɓo a ciki. Sai dai ko a kan maganar masu hanawa aka tsaya, ba na ganin ta hau kan abin da kike nufi. Dogaronsu hadisin Anas ne, cewa Annabi (SAW) ya tarar da mutanen Madina da ranaku biyu na wasa, ya ce Allah ya musanya musu da mafi alheri, wato sallar azumi da sallar layya. Daga nan suka ce ba a ƙara wani idi. To mene ne idi? Rana ce mai dawowa, ana taruwa dominta, tana da abubuwan da aka saba yi a cikinta duk shekara. Auna saƙonki da waɗannan uku. Cika 70 sau ɗaya yake zuwa a rayuwa. Babu taro. Babu wani aiki na musamman in ban da addu'ar da kike iya yi masa kowace safiya. Ina idin yake?

Kalmar bidi'a kuma wurinta ibada. Da kin ƙudurta cewa addu'a a wannan rana ta fi karɓuwa, ko kin ware mata wani adadi na salati ko saukar Alƙur'ani da za a riƙa maimaitawa duk shekara, da maganarsa ta kama ki. Ba ki ce haka ba. Koyi da wasu da aka hana shi ne a abin da ya keɓanta da addininsu ko ya zama alamarsu. Hura kyandir ana ƙudurta buri a zuci, da katin da ke ɗauke da burujin mutum yana faɗar sa'arsa, waɗannan ki nisance su, na biyun ma ya taɓa aƙida. Amma sanin ranar da aka haifi mutum da gode wa Allah a kanta ba kayan kowa ba ne. An tambayi Annabi (SAW) game da azumin Litinin, ya ce rana ce da aka haife shi a cikinta, kamar yadda Muslim ya ruwaito. Ban kawo wannan don in halatta biki da shi ba, na kawo shi ne don a ga cewa tuna ranar kansa ba abin ƙi ba ne.

Inda nake so ki yi hattara shi ne lafazin addu'ar. Ummu Habiba ta roƙi Allah ya jiyar da ita daɗin zama da mijinta Manzon Allah, da mahaifinta Abu Sufyan, da ɗan'uwanta Mu'awiya. Annabi (SAW) ya ce mata ta roƙi Allah ne game da ajali da aka riga aka yanke, da ta roƙi tsari daga azabar wuta ko ta kabari da ya fi. Bai ce ta yi saɓo ba, ya nuna mata abin da ya fi ne. Don haka kada ki rubuta "Allah ya ja kwana" ki tsaya nan. Ki ɗaure shi da ɗa'a da lafiya, domin mafi alherin mutane shi ne wanda rayuwarsa ta yi tsawo kuma aikinsa ya yi kyau. Misali: "Baba, ina taya ka gode wa Allah da ya nuna mana wannan shekara. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana cikin ɗa'arsa, ya jiyar da kai daɗin jinka da ganinka da ƙarfinka, ya saka maka da Aljanna kan tarbiyyar da ka yi mana. Ka yafe mini nisan da na yi, ka ci gaba da sa mini albarka." Ki ƙara abu ɗaya da ke kaɗai kika san ya yi miki. Wannan zai fi ratsa shi a kan doguwar waƙar yabo da aka kwafo.

Ki guji irin "ba don kai ba da ban zama komai ba." Ki ce "ba don Allah ba, sannan kai." Kada ki kira sunansa gatsau ko da a rubuce ne. Kuma kada ki saka hadisin nan da ke cewa shekarun wannan al'umma tsakanin 60 ne zuwa 70. Ya san shi, yana kwana yana tashi da shi, ba daga bakin 'yarsa da ke nesa ya kamata ya ji shi a wannan rana ba. Af, in da kalandar miladiyya kuke ƙirge, a lissafin hijiriyya ya kai 72 da kusan wata biyu, tunda kowace shekara akwai ratar kwana 11 ko kusa da haka. Wannan ma ya ishe ki ganin cewa ranar ba ta da wata alfarma a karan kanta, ko kin makara da kwana biyu ba ki rasa komai ba.

Ba ki tambaye ni wannan ba, amma shekara huɗu ba kwana huɗu ba ce. Kada ki bari saƙon ya zama hoton Baba da kika ɗora a waya ƙawaye suna ta yi miki fatan alheri, shi ko bai gani ba. Ki kira shi ya ji muryarki, ki duba bambancin agogo don kada ki tashe shi daga barci ko ki same shi a kan sallah. In rubutu na wahalar da idonsa, ki naɗi murya ya riƙa saurare. In za ki haɗa da kuɗi, ki aika da sunan kyauta, kada ki ce a yi taro da su. In kuwa yana cikin buƙata kuma kina da hali, ciyar da shi haƙƙi ne a kanki da ba ya jiran wata rana a shekara.

Yayanki kuma kada ki tura masa wannan amsa don ki nuna kin yi nasara. Ki tura wa Baba saƙonsa kai tsaye, kada ki saka a zauren iyali inda musu zai tashi a gaban dattijo. In yayan ya sake tayar da maganar, ki ce masa addu'a kika yi wa Baba, ki nemi ya ce amin.

Wallahu a'alam.