Buhu ɗaya, baro nawa?

"Maigida, a takardar injiniya an rubuta 1:2:4 don dekin. Leburori suna zuba buhu ɗaya, baro biyu na yashi, baro huɗu na tsakuwa. Da na yi magana sai birkila ya ce simintinmu 42.5 ne, ƙarfinsa ya ɗauki fiye da haka. Wane ne ke da gaskiya?"

Yarona, Allah ya yi maka albarka da ka buɗe baki. Je ka tsayar da kwaɓin nan kafin ya hau katako, domin abin da suke haɗawa 1:4:8 ne, kuma ba a zaunar da mutane a ƙarƙashin irin wannan dekin.

Lambobin nan uku siminti ne, yashi, sannan tsakuwa, kuma sharaɗinsu shi ne a auna su da mudu guda. In ka auna siminti da kwano, to yashi ma da kwanon, tsakuwa ma da shi. Buhun siminti mai kilo 50, in ka zazzage shi, kwanon sarki biyu yake cikawa. Saboda haka buhu ɗaya yana cin kwano huɗu na yashi da kwano takwas na tsakuwa. Shi kuwa baro, in an cika shi baki da baki, yana ɗaukar kusan kwano huɗu. Ka ga ke nan buhu ɗaya baro ɗaya na yashi yake so da baro biyu na tsakuwa. Su sun ƙirga buhu a matsayin ɗaya, baro ma a matsayin ɗaya, alhali baro ya ninka buhu. Ga kuma tozon da lebura ke yi wa baro don ya rage yawan zirga-zirga. Ni shi ya sa ranar zuba kankare nake sa a auna da kwano, a share bakinsa da guntun katako, ko da za a ce na cika tsanani.

Akwai hanyar da za ka kama wannan kuskure ko ba ka tsaya kan masu kwaɓi ba, wato ƙirga buhu. Ɗauki ɗakin da ke da tsawon mita 5, faɗin mita 4, kaurin dekin inci shida, wato santimita 15. Ka ninka su, kankare mita kubik 3 ke nan. A 1:2:4 kowane kubik yana cin buhu shida da ɗan ɗoriya, don haka ɗakin zai cinye kamar buhu 19. In aka gama zuba shi ka ƙirga fankon buhu ka ga goma ko sha ɗaya, ba sai an gaya maka ba. Shekarun baya na karɓi wani aiki a wajen Mariri da wani ya fara ya bari. Na sa ƙusa a ƙasan dekin, na ɗan kankara, yashi ya zubo mini a fuska kamar garin tuwo, tsakuwa tana fita da yatsa. Mai gidan ya ce ai buhu kaɗan aka ci, har ya ji daɗi a lokacin. Ƙarshe sai da aka fasa shi duka, kuɗin rodi da na katako suka bi ruwa. Har yau ina jin zafin abin, domin mutumin da kuɗin fanshonsa yake ginin.

Maganar birkila kuwa, yana da rabin gaskiya, kuma rabin ne ke cutar da mutane. Lambar da ke jikin buhu, 32.5 ko 42.5, ƙarfin simintin ne da aka gwada a ɗakin gwaji bayan kwana 28, da yashi na musamman da ruwa a aune. Harafin da ke biye da ita, N ko R, yana gaya maka saurin kama ƙarfi a kwanakin farko: R ya fi sauri, N yana tafiya a hankali. To 42.5 ya fi 32.5 ƙarfi, babu musu, kuma shi nake so a dekin da fila da bim, in bar 32.5 ga ɗora bulo da filasta. Amma aikin siminti a cikin kankare shi ne ya lulluɓe kowace ƙwayar yashi da tsakuwa, ya cike gibin da ke tsakaninsu, ya kuma rufe rodi kada tsatsa ta ci shi. In ka rage shi zuwa rabi, gibin yana nan a buɗe komai lambar buhun. Kada kuma ka haɗa lambar buhu da wadda za ka gani a takarda kamar C20 ko C25. Wannan ƙarfin kankaren ne da kansa, kuma ana tabbatar da shi ta hanyar zuba ƴan dunƙule masu kusurwa huɗu a kai su a matse a inji bayan kwana 28. Siminti 42.5 yana iya ba ka kankare ruɓaɓɓe in hannu ya ɓata shi.

Fila ta fi dekin son siminti, domin nauyin bene duka a kanta yake sauka, ga rodi cunkushe a wuri ƙanƙane. Sau da yawa za ka ga an rubuta mata 1:1.5:3, wato buhu ɗaya, kwano uku, kwano shida. Fila mai inci tara-tara da tsayin mita 3 tana cin buhu ɗaya da ɗan abu. A harsashi kuma ka kula, kankare iri biyu ne. Shimfiɗar farko da ake yi a ƙasan rami, mai kaurin inci biyu, da kankaren da ba rodi a cikinsa, su ne ake wa 1:3:6, kwano shida da sha biyu. Amma gindin fila da ke da kwandon rodi ba ya sauka ƙasa da 1:2:4, ko abin da injiniya ya rubuta. Ana yawan cewa ai ƙasa za ta rufe shi, alhali a can ne danshin damina ke zama.

Saura abu na huɗu da lambobin ba su ambata ba, kuma shi ya fi kashe aiki a garin nan: ruwa. Buhu ɗaya kamar lita 25 yake so, jarkar mai ruwa guda. In yashin ya sha ruwan sama, ka rage. Da bazara, rana na dukan ka, kwaɓi na ƙoƙarin ɗaurewa, sai ka ga lebura ya kai hannu kan tiyo don shebur ya yi sauƙi. Ruwan da ya wuce kima zai bushe ya bar ƙananan ramuka a ciki, ƙarfi ya tafi da shi. Ɗebo cikin cokalinka ka karkata: in ya zame a dunƙule ya yi, in ya kwarara kamar koko tsakuwa ta tsaya a baya, ya lalace. Gara ka rage yawan abin da ake kwaɓawa lokaci guda, a fara da sassafe, a zuba a caccaka shi sosai.

Ruwan da ka hana shi a kwaɓi, bayan ya kama sai ka ba shi. Kwana bakwai aƙalla kada saman dekin ya bushe, musamman da hunturu da iska ke tsotse danshi kafin azahar. Ka kewaye gefen da ɗan yashi ka tara ruwa a kai, fila kuma ka naɗe ta da buhun algarara jiƙaƙƙe. Yanzu koma wurin aikin, ka ƙirga buhun da aka riga aka buɗe da wurin da aka zuba, ka kira ni da lissafin kafin a ci gaba.