Yarjejeniya da mai haɗa manhaja: mallakar kod, biya kashi-kashi da damƙa aiki

Tambaya: "Assalamu alaikum. Ina Birnin Kebbi, ina son a haɗa mini manhajar da za ta sada manoman shinkafa da masu saye. Na sami matashin da zai yi aikin a kan naira miliyan 2 da dubu 400, ya ce in ba shi rabi kafin ya fara. Me ya kamata mu rubuta a takarda?"

Wa alaikumus salam, Malam. Na daɗe a wannan harka, na karɓi jinga kuma na bayar, don haka zan fara da abin da mutane suka fi yin sakaci da shi, wato mallaka. Da yawa suna ɗauka cewa tunda su suka biya kuɗi, manhajar ta zama tasu kai tsaye, alhali dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta shekarar 2022 ba haka ta tsara ba. A dokar, kod ɗin manhaja, wato rubutattun umarnin da ake gina ta da su, yana cikin rukunin ayyukan rubutu, haƙƙinsa na farko yana hannun wanda ya rubuta shi sai idan yarjejeniya ta ce akasin haka, kuma miƙa wannan haƙƙi ga wani ba ya tabbata sai a rubuce. Idan babu takarda, iyakar abin da za ka iya kafa hujja a kansa shi ne izinin amfani, shi kuwa yana iya sauya wa aikin suna ya sayar wa mai sayen albasa a Aliero.

Saboda haka a rubuta ƙarara cewa ya miƙa maka cikakken haƙƙin mallakar kod, zanen fuskar manhaja da tsarin rumbun bayanai. Sai dai lokacin da mallakar za ta koma hannunka shi ne wurin da ake samun saɓani. Idan ka ce tun ranar farko, ka bar shi ba shi da abin riƙewa in ka ƙi biya. Idan shi ya ce sai an kammala biyan komai, to ranar da kuka ɓata a tsakiyar aiki ka tashi a tutar babu, ko da ka biya fiye da rabi. Abin da na ga ya fi adalci shi ne a ɗaure mallaka da biya: duk kashin da ka biya, aikin wannan kashi ya zama naka a ranar. A ƙara da cewa kayan aikin da ya mallaka tun kafin ku haɗu suna nan nasa, amma ya ba ka izinin amfani da su a cikin manhajar har abada ba tare da ƙarin kuɗi ba. Ya kuma lissafa kod ɗin kyauta da ya ɗauko na wasu tare da lasisinsu, domin lasisin MIT yana da sauƙin sharuɗɗa, amma GPL yana iya wajabta maka buɗe naka kod ɗin ga waɗanda ka raba wa manhajar. Idan ka yi rajistar kamfani mai iyakantaccen alhaki a CAC, a sa sunan kamfanin a matsayin mai mallaka, domin duk mai son zuba jari nan gaba wannan takarda zai fara nema.

Game da rabin kuɗi a matsayin kafin alƙalami, a ganina ya yi yawa, ko da yake fargabarsa tana da dalili, domin an sha cinye wa matasanmu guminsu. Da ni ne, zan ba shi dubu 360 ranar sa hannu, a kan ya kawo zanen kowane shafi da rubutaccen bayanin abin da manhajar za ta yi. Dubu 600 za su biyo baya idan manomi ya iya yin rajista da lambar wayarsa ya saka yawan buhunansa da farashi. Kashi mafi tsoka, dubu 720, sai mai saye ya iya neman kaya ya biya, kuɗin kuma ya sauka a asusunka na gwaji. Dubu 480 ranar da manhajar ta hau Google Play aka damƙa maka komai, sauran dubu 240 kuma ka riƙe har kwana 30 bayan haka, domin gyaran kurakuran da za su ɓullo idan mutane sun fara amfani da ita.

Ka lura cewa kowane kashi na ɗaure shi da abin da kai kanka za ka iya gwadawa da wayarka. Kada ka yarda da kalmomi irin su "an ci rabin aiki", domin ba ka da ma'aunin da za ka tabbatar. Tunda manomanka suna fadamun Argungu da Suru, ka rubuta cewa za a yi gwajin a kan ƙaramar wayar Android mai araha, a wurin da sabis yake da rauni, ba a kan babbar wayarsa a cikin gari ba. Kai ma takardar ta ɗaure ka: kwana bakwai ka gwada ka kawo ƙorafinka a rubuce, in ka yi shiru an ɗauka ka amince, sannan ka biya cikin kwana biyar. Duk sabon abin da ya faɗo maka a rai bayan sa hannu, kamar ƙara sashen hayar motar ɗaukar kaya, a yi masa farashi da wa'adi na dabam, domin "ɗan ƙara mini wannan" ya kashe jinga da yawa.

Damƙa aiki kuwa tun ranar farko yake farawa. Na san wani bawan Allah da ya biya kuɗinsa cif, amma adireshin shafinsa da asusun sabarsa, wato kwamfutar intanet da shafin ke zaune a kanta, duk da imel ɗin mai aikin aka buɗe su, da shekara ta zagayo wa'adin adireshin ya ƙare, mai aikin ya sauya layi, shafin ya rufe. Don haka kai za ka buɗe asusun GitHub, wato shafin da ake ajiye kod, da na sabar manhajar, da na karɓar kuɗi irin su Paystack, da na Google Play wanda ake biyan dala 25 sau ɗaya, duk da imel ɗin kamfaninka, sannan ka gayyace shi a matsayin mai aiki. A rubuta cewa zai riƙa tura kod can aƙalla sau ɗaya a mako. Idan mako biyu suka wuce ba ka ga sabon abu a GitHub ba, ko ya ce zai haɗa ya turo gaba ɗaya a ƙarshe, ka dakatar da biya ku zauna. Fayil ɗin APK da zai turo maka ta WhatsApp, wanda ake saka manhajar a waya da shi, ba kod ba ne, babu wanda zai iya ci gaba da gini a kansa yadda ya kamata.

Kafin ka saki dubu 480 ɗin nan, ka biya wani masanin dabam ɗan abin da ya sauwaƙa, ya yi `git clone`, wato ya sauko da kod ɗin daga GitHub, a kan kwamfutar da ba ta taɓa ganin aikin ba, ya bi bayanin tada manhajar da ke cikin fayil ɗin `README.md` shi kaɗai har manhajar ta tashi. Idan sai ya kira mai aikin a waya kafin ta tashi, damƙawar ba ta cika ba. Abin da aka fi mantawa shi ne bayanan sirri na cikin fayil ɗin `.env`, da makullin sa hannu da ake ɗora sabon zubin manhajar da shi, da kwafin rumbun bayanai. Bayan ka karɓa, ka sauya duk kalmomin sirri, shi kuma ya goge lambobin manoma da ke kwamfutarsa, domin dokar kare bayanai ta 2023 kai za ta fara tuhuma.

A ƙarshen takardar a faɗi yadda za a rabu: wanda zai janye ya ba da sanarwar kwana 14, ka biya kashin da aka kammala, shi kuma ya miƙa abin da ke hannunsa. Ku ambaci wanda zai sasanta ku kafin a kai ga kotu, ku sa hannu a kowane shafi gaban shaidu biyu, kuma ka kai wa lauya ya duba sashen mallakar kafin ka tura ko sisi.